Katin Biki Da Hol Ɗin Da Ba Shi Da Sunan Titi: Tambayoyi Da Amsoshi Kan Yadda Ake Rubuta Kwatance

An kama hol, an biya kuɗi, rana ta matso, sai mai buga kati ya ce a turo adireshi, a nan ne kowa zai fara kallon kowa don wajen ba shi da sunan titi balle lambar gida. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi idan an shiga wannan halin, an haɗa su da amsa ɗaya bayan ɗaya.

Hol ɗinmu ba shi da sunan titi sam, me za mu rubuta a wajen adireshi?

Ku rubuta hanya. Adireshi amfaninsa ɗaya ne, ya kai mutum ƙofa, to idan babu sunan titi sai ku ba shi abin da zai yi wannan aikin, wato daga ina zai taso, wace hanya zai bi, a ina zai yi kwana, me zai gani idan ya iso. A gaban katin ku sa sunan hol da sunan unguwa da alama ɗaya babba, misali "bayan gidan man da ke gaba da gada", sai ku ƙara da "cikakken kwatance yana bayan kati". Kar ku cusa komai a gaba, gurin ba zai isa ba kuma mai zanen katin zai matse rubutun har sai an sa tabarau. Bayan katin ko wata 'yar takarda daban da za a saka cikin ambulan, nan ne gurin kwatance.

Daga ina ya kamata kwatancen ya fara?

Daga wajen da baƙon da bai taɓa zuwa unguwar ba ya sani, ko kuma wajen da duk direban da ya tambaya zai sani. Nan ne yawancin kwatance ke lalacewa tun daga layin farko, domin mai rubutawa ɗan unguwa ne, shi a kansa "bakin layinmu" ko "wajen tsohon gareji" abu ne da duniya ta sani, alhali baƙon da ya taso daga wani gari bai ma san an taɓa yin gareji a wajen ba. Mafari mai kyau shi ne babban shataletale, babbar gada, babban asibiti, tashar mota ko ta jirgin ƙasa, irin abin da ba ya tashi daga inda yake, ba shi da na biyu a kusa, kuma idan ka rubuta sunansa a taswirar waya zai fito.

Gwajin da za ku yi mai sauƙi ne, ku kira wani da ke zaune a can ɗaya ɓangaren garin ku ce masa ka san waje kaza? Idan ya ce "wanne daga ciki" to wajen bai yi ba, a nemi wani. Kuma kar mafarin ya yi nisa da yawa. Idan kwatancen ya fara daga kilomita goma sha, za a yi ta jera alamomi har mai karatu ya gaji kafin a zo kwanar da ke da muhimmanci. Kilomita 2 zuwa 4 ya isa, in dai akwai sanannen waje a tsakanin.

Me da me ya kamata kowane mataki ya ƙunsa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce, don haka bari a tsaya a kanta. Duk inda mutum zai yi kwana akwai abu uku da yake buƙata, tazarar da zai yi kafin ya kai wajen, alamar da zai gani, da hannun da zai juya. In aka cire ɗaya a ciki an bar shi da canke. Ka ce "ka yi dama a gidan mai" ba ka faɗi tazara ba, zai yi dama a gidan mai na farko da ya gani ko da ba shi kake nufi ba. Ka ce "bayan mita 600 ka yi dama" ba alama, ba kowa ke kallon mitar mota ba, kuma ido ba ya auna mita 600 daidai. Idan ka haɗa su biyun kuwa kowanne yana gyara ɗan'uwansa, tazarar na gaya masa lokacin da zai fara rage gudu, alamar na tabbatar masa nan ne.

Sai abu na huɗu da mutane ba sa sawa, kuma shi ya fi rage yawan kiran waya ranar biki, wato alamar an wuce. Jimla ɗaya ce kawai, "in ka ga makarantar firamare a hannun hagu ka wuce, ka dawo baya". Wanda ya ɓata ba ya sanin ya ɓata, gaba yake ta yi yana sa ran alamar na nan tafe, yana iya ƙara kilomita uku kafin zuciyarsa ta ba shi cewa akwai matsala. Wannan jimlar ita ke tsayar da shi da wuri.

Tsarin jimlar ma yana da tasiri. A fara da alama sannan umarni, "a taransifoma ka yi dama", don mai karantawa a cikin mota wani yake karanta wa, kuma direba na buƙatar ya san abin da zai nema tukuna kafin ya ji abin da zai yi. Kowane layi kwana ɗaya, kar a haɗa kwana biyu a layi guda ko da suna kusa da juna.

Ku ba mu misali cikakke mu gani

To ga irin wanda aka saba gani a kati:

"Bayan gada, kusa da gidan mai, ka shiga layin nan ka miƙe za ka ga hol ɗin. Ba wuya."

Wanda ya rubuta wannan bai yi ƙarya ba, komai da ya faɗa haka yake, matsalar dai sai wanda ya riga ya san wajen ne zai gane. Bayan gada daga wane ɓangare? Layin yana kafin gidan man ne ko bayansa? Dama ko hagu? Shi kuma "ba wuya" ɗin nan ba abin da ya ƙara sai ɓata wa wanda ya ɓata rai.

Ga wannan hanyar dai idan aka bi ta da mota aka auna:

"Daga shataletalen babban asibiti:
1. Ka ɗauki hanyar filin jirgi, ka miƙe kilomita 2.3 har ka hau gada.
2. Bayan ka sauka daga gadar da mita 600 akwai gidan mai a hannun dama, shi ne na biyu bayan gadar. Ka wuce shi kaɗan.
3. A taransifomar da ke jikin katangar gidan man ka yi dama. Daga nan kwalta ta ƙare.
4. Ka miƙe mita 350, a babban tankin ruwa na ƙarfe ka yi hagu.
5. Mita 150, hol ɗin yana hannun dama, doguwar katanga da get biyu. Get na biyu shi ne na shiga da fakin.
In ka ga makarantar firamare a kan babban titi ka wuce kwanar, ka dawo.
Duka tafiyar kilomita 3.4 ce daga shataletalen."

Ku lura da ƙananan abubuwan da aka sa. An ce gidan mai na biyu ne saboda akwai wani kafin shi, kuma da ba a faɗa ba rabin baƙin a na farkon za su karya kwana. An ce kwalta ta ƙare domin mutum yana ganin motarsa ta faɗa hanyar ƙasa zai ɗauka ya yi kuskure ya juya, amma tunda an riga an gaya masa sai ƙasar ta zama shaida cewa yana kan hanya. An faɗi get ɗin da za a shiga don kar motoci su taru a na farko suna hon. Jimillar tafiyar kuma, 2.3 da 0.6 da 0.35 da 0.15, ita ce 3.4 ɗin, ku riƙa haɗa lissafin da kanku kafin a kai wa mai bugawa don akwai baƙon da zai sa mitar motarsa a sifiri ya bi ku da ita.

Dama da hagu za mu yi amfani da su ko gabas da yamma?

Dama da hagu, amma da sharaɗin an faɗi inda mutum ya fuskanta. "Gidan man yana dama" gaskiya ne ga wanda ya taho daga asibiti, ga wanda ya taho daga filin jirgi kuwa yana hagunsa, shi ya sa kalmar "daga waje kaza" ba ta da makawa a saman kwatancen. Gabas da yamma suna da kyau a matsayin ƙari ga waɗanda suka iya su, sai dai da dare ko ranar da hadari ya rufe, baƙo a garin da ba nasa ba da wuya ya san inda ya fuskanta. Kuma a guji "ka gangara" ko "ka haura" in ba gangaren gaske ba ne da mota za ta ji shi, don 'yan unguwa suna cewa sama da ƙasa a titin da yake shimfiɗe lafiya lau.

Baƙinmu ta ɓangare biyu za su zo, sai mun rubuta kwatance biyu?

Eh, amma na biyun gajere ne, iyakarsa ya kawo mutum inda hanyoyin suka haɗu sai a ce ya ci gaba daga lamba kaza. Kar ku ce masa "ka juya kwatancen kawai", ba wanda zai iya juya dama da hagu biyar a kansa yana tuƙi. Abin da ya fi muhimmanci ku duba shi ne ko titin yana da shinge a tsakiya. A misalin da ke sama, wanda ya taho daga filin jirgi zai hango gidan man a hagunsa amma ba damar tsallakawa, don haka layinsa zai zama kamar haka, "Daga filin jirgi: za ka ga gidan man a hagu, kar ka tsaya, ka wuce mita 500 zuwa inda ake juyawa kafin gada, ka juyo, sai ka bi daga lamba 2." In ba a sa wannan ba wasu za su bi hannun da ba nasu ba don su yanke, kuma ba a fatan wannan ranar farin ciki.

Wace irin alama ce ba a dogara da ita?

Duk abin da ke motsi, ko ake rufewa, ko ake sake wa fenti. Motar da kullum ake fakawa a bakin layi ranar bikin za a wayi gari ta tafi. Teburin mai sayar da kaya da yamma ya tashi. Allon talla ana canza hotonsa. Ƙaramin shago in an ja ƙofarsa ba shi da bambanci da na kusa da shi. Gidan da ake ginawa, tsakanin buga kati da ranar biki an iya yi masa rufi har da fenti. Sai kuma "tsohon" kaza, tsohon banki, tsohuwar sinima, wanda a zahiri babu shi sai a bakin mutanen unguwa, wannan yana da amfani ɗaya ne tak, idan baƙo zai tsaya ya yi tambaya, don haka za a iya sa shi a ƙarshe a ce "masu unguwa suna kiran wajen kaza".

Ƙirga layuka ma abin a yi hattara ne. "Layi na uku a hagu" yana da daɗin faɗa, amma wani zai ƙirga ɗan lungun da babur kaɗai ke shiga, wani ba zai ƙirga ba, wani zai ƙirga mashigar wani gida mai faɗi. In dole sai an ƙirga to a haɗa da alama, layi na uku, wanda tankin ruwa ke bakinsa.

Launi kuma da rana yake aiki. Get shuɗi da get kore duk baƙi ne a hasken fitilar mota, saboda haka in taron na dare ne ku koma ku bi hanyar da dare a daidai lokacin da baƙi za su zo, ku ga me ake gani. Gidan mai mai fitila, danja, gada, ƙarfen sabis mai jar wuta a sama, waɗannan su ne abokan tafiyar dare.

Ya za mu auna tazarar, kuma ba gara a faɗa da minti ba?

Mota na da mitar tafiya da ake mayarwa sifiri, a yawancin motoci an rubuta mata TRIP, sai a danna ta a mafari, wani ya zauna a gefe yana rubuta abin da ta nuna a kowace kwana. Ita tana ƙirga ne da mita ɗari-ɗari, to don gajerun layuka a yi amfani da Measure distance a Google Maps ko a taka da ƙafa. Minti kuwa yaudara ne, "minti biyar" a ƙafa wajen mita 400 ne, a motar da ke gudun kilomita 30 a awa kuma kilomita biyu da rabi ne, ga cunkoso kuma. A sa minti sau ɗaya kawai a ƙarshe don mutum ya san lokacin da zai fito daga gida, amma kwanoni da mita za a faɗe su.

Ai yanzu kowa na da waya, ba sai mu tura lokeshan kawai ba?

Ku tura, amma kar ya zama shi kaɗai. Data na ƙarewa, caji na mutuwa, sabis na ɗaukewa daidai lokacin da aka bar babban titi, ga dattawan da waya a wajensu ta kira ce kawai. Bayan haka ita kanta taswirar a unguwar da titunanta ba su da suna sau da yawa ba ta san layukan da kyau ba, tana iya ganin hanya inda kwata ce ko inda aka riga aka gina katanga.

Kuma lokeshan ɗin ma akwai yadda ake ɗaukarsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya tsaya a tsakiyar hol ya tura. A cikin gini GPS ba ya samun sama da kyau, zai iya kaucewa da mita da yawa, kuma ko da ya faɗi daidai, manhajar za ta kai direba titin da ya fi kusa da wannan ɗigon ne, wanda yana iya zama layin da ke bayan katanga inda babu ƙofa ko ɗaya. Sai ka ga baƙo yana jin kiɗa yana ganin rufin hol amma sai ya zagaya unguwa kafin ya shiga. Don haka a fito waje, a tsaya a bakin get ɗin da motoci za su shiga, ta gefen titi, a buɗe Google Maps, a jira ɗan lokaci har da'irar shuɗin ɗigon da ke nuna inda kake ta tsuke. A fili inda sama ke buɗe wayar zamani tana kawo kuskuren ƙasa zuwa wajen mita 5. Sannan a danna wajen a riƙe har jan fil ya fito, a kunna hoton Satellite a tabbatar fil ɗin yana kan get, sai a danna Share.

In ta WhatsApp ne, akwai zaɓi biyu kuma mutane na rikita su. Send your current location shi ne ke tura waje ɗaya da ba ya motsi, shi ake so. Share live location kuwa wayarka yake bi duk inda ka je, kuma yana mutuwa bayan minti 15 ko awa 1 ko awa 8 gwargwadon abin da ka zaɓa, to ka ga in ka tura shi ranar Talata ba abin da zai yi wa kowa ranar Asabar, in ma yana aiki ka tafi ɗauko kaya baƙi za su bi ka can.

A kan takarda fa, tunda ba a danna linki, me za mu buga?

Abu biyu ne ke bugawa da kyau. Na farko lambobin wajen, irin wannan tsarin (waɗannan na misali ne, ba na wani hol ba):

```
12.34567, 8.76543
```

Ta farko latitud ce, ta biyu longitud, kuma ba a juya su, in aka juya an koma wani waje can mai nisa. In akwai alamar debewa a gaban ɗaya kar mai zane ya cire ta don kwalliya. Lambobi biyar bayan ɗigo sun isa, suna kai mutum cikin kusan mita 1, huɗu kuma kusan mita 11 wanda shi ma ba laifi, amma uku kusan mita 111 ne, a unguwa mai matsattsun layuka wannan layi biyu ne daban.

Na biyu Plus Code, wanda Google ta fito da shi musamman don wuraren da ba su da adireshi. Yana fitowa a bayanan fil ɗin da ka dasa. Cikakkensa haruffa da lambobi 10 ne da alamar tarawa a ciki, yana nuna fili mai kusan mita 14 a kowane gefe, misali na hedikwatar Google shi ne `849VCWC8+R9`. Ana gajarta shi a cire huɗun farko, amma in an gajarta dole a rubuta sunan gari a gefensa, kamar `CWC8+R9 Mountain View`, in ba haka ba wayar za ta nemi mafi kusa da inda mai neman yake tsaye, baƙon da ke wani gari mai nisa sai ta kai shi wani waje can. Daɗinsa a kati shi ne babu wasali a ciki, babu harafin O ko I ko L ko lamba 1, saboda haka da wuya a rikita wajen kwafa.

QR fa?

QR, wato ɗan zanen nan mai kusurwa huɗu da ake haskawa da kyamarar waya ya buɗe linki, yana da kyau in an yi shi daidai. Kar ya gaza santimita 2 a kowane gefe, baƙi a kan fari, da farin fili kewaye da shi. Ruwan gwal mai ƙyalli a kan kati mai duhu yana da kyau a ido amma kyamara na shan wahala da shi. A gwada a kan samfurin da aka buga na gaske da waya biyu ko uku, har da tsohuwa, ba a kan allon kwamfutar mai zane ba. Sannan a tambaya ko linkin taswirar ne kai tsaye a ciki ko sai ya bi ta wani shafi, don wasu shafukan da ke yin QR kyauta na gwaji ne, bayan 'yan kwanaki su rufe, katin kuma ya riga ya shiga hannun mutane.

Mu zana taswira a bayan katin?

In akwai guri a zana, amma mai sauƙi. Babban titi da layi mai kauri, layukan da za a shiga da siriri, alamomin da aka ambata a rubutu su kaɗai, da kibiya mai nuna inda aka taho. Mafarin ya kasance a ƙasan takardar, tafiyar na yin sama, yadda damar takarda za ta zama damar direba. Hoton allo na taswirar waya ba ya bugawa da kyau, rubutunsa ƙanana ne kuma wajen naku fili ne fari ba suna.

Lambar wayar wa za mu sa?

Ba ta ango ba, ba ta amarya ba, ba ta iyayensu ba, ranar ba wanda zai ɗaga a cikinsu. A samu mutum biyu da suka san hanyar sosai, layukansu na kamfani daban-daban, a rubuta a gefen lambar "don kwatance". Su kuma a gaya musu in an kira tambayar farko ita ce "me kake gani a gabanka, kuma daga ina ka taho", kar su fara da "ka miƙe kawai" alhali ba su san inda motar ta fuskanta ba. Kowannensu ya riƙe kwafin katin a hannu, don in mai kira ya ce yana lamba 3 su san taransifoma yake nufi.

In za mu tura ta tes fa ga masu ƙaramar waya?

Tes ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, amma da zarar an sa harafi mai lanƙwasa ko ɗaya, ƙ ko ɗ ko ɓ, sai ya koma 70, saƙon ya rabu gida-gida, wani lokacin ma ya iso da akwatuna a madadin haruffan a tsohuwar waya. Don tes a rubuta da haruffa marasa lanƙwasa kuma a taƙaita, mafari, kwanoni, alamar an wuce, lambar kira. Wannan matsalar tana faruwa a kati ma, yawancin rubutun kwalliya da masu zane ke so ba su da waɗannan haruffan, sai a duba samfur da kyau. Kwatancen a buga shi da rubutu miƙaƙƙe, girman 11 ko 12, a bar mai lanƙwashe-lanƙwashen wa sunan ango da amarya. Waɗanda karatu ke musu wuya kuma a yi musu saƙon murya, a karanta layukan nan dai a hankali yadda suke a kati, kar a ƙirƙiro wani kwatancen daban da baki.

Ya za mu san kwatancen ya yi kafin a buga?

A ba wanda bai taɓa zuwa wajen ba takardar, a kai shi mafari, a zauna a bayan mota a yi shiru. Shirun ne mai wuya, don yana rage gudu a inda ba nan ba bakinka zai so ya ce "a'a gaba", to ka daure ka rubuta wajen kawai. Duk inda ya yi jinkiri, ko ya waiwayo ya kalle ka, ko ya karanta layi sau biyu, layin ne ke da gyara. A misalinmu da irin wannan gwajin ne za a gano cewa gidan man biyu ne, don ɗan unguwa idonsa ya daina ganin na farkon tun tuni. Bayan an gyara a sake gwadawa da wani mutum daban, na farkon ya riga ya san hanya. Shi ma fil ɗin da Plus Code ɗin a gwada su daga wayar wani, a danna Directions a ga ta ina manhajar ke bi da mutum, in ta bi ta wata hanyar da ba ta da kyau sai a ƙara layi a katin, "kar ka bi taswira ta bayan makaranta, hanyar ba ta ɓullewa".

An riga an raba kati sai aka rufe hanya ko ruwa ya cinye layin, ya za a yi?

Shi ya sa ake sake bin hanyar kwana biyu ko uku kafin ranar, musamman inda kwalta ta ƙare, don hanyar ƙasa ruwan dare ɗaya ya isa ya sa ƙaramar mota ta kasa wucewa. In an samu canji a tura sabon kwatance cikakke daga farko, a rubuta a samansa "wannan ya soke na kati" da kwanan wata, kar a tura guntun gyara irin "a lamba 4 ku yi dama maimakon hagu" don ba kowa ke riƙe da katin a lokacin ba. Ranar kuma a kafa allo mai kibiya a kwanar da ake barin babban titi da duk kwanar da ke bayanta, kaɗan kafin kwanar yadda direba zai gani kafin ya iso, rubutu manya, sunan ango da amarya a jiki ko da wani bikin na gudana a unguwar. In da hali a tsayar da mutum ɗaya a inda aka toshe ɗin da waya a hannunsa, daga awa ɗaya kafin lokacin da aka sa a kati har zuwa bayan an fara, saboda masu makara su ne suka fi zuwa a gaggauce su wuce allo ba su gani ba.